Ɗigo ɗaya a ido: littafin aikin rigakafin fakat a ƙauyenmu

Lahadi, 17 ga Satumba 2023

Na buɗe wannan littafi ne saboda abin da ya same mu a hunturun bara. Ƙauyenmu yana ƙasar Argungu, unguwa uku ne, kuma babu gidan da ba a kiwon kaji. Daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu sai da aka wayi gari a wasu gidaje babu zakaran da zai yi cara. Mu fakat muke ce wa ciwon, wasu su ce farin kashi. Likitocin dabbobi suna kiransa Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan shi a 1926. Kowace shekara lokacinsa ɗaya ne: iskar hunturu ta taso, buji ya rufe gari, sai a fara jin an ce kaji na faɗuwa a ƙauyen gaba.

Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, don haka kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwa ba ya taɓa shi. Haka barkono da ɓawon maɗaci. Na ga mahaifiyata ta gwada su duka a gabana, kajin suka ƙare. Abin da ke tare shi rigakafi ne, shi ma sai an yi shi kaza na da lafiya.

Jiya na zauna da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarmu. Ya ce wa kajin gida irin namu wanda ya dace shi ne mai lamba I-2, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato take yi. Asalinsa daga Ostireliya ne, an samar da shi domin ƙauyukan da ba su da firij, saboda ya fi Lasota, wani rigakafin fakat ɗin, jure zafi. Ana ɗiga shi a ido, ɗigo ɗaya, ko tsakon jiya ne ko tsohon zakara. Kariyar tana kama jiki cikin sati ɗaya zuwa biyu, tana kuma raguwa bayan kamar wata huɗu. Ke nan sau uku a shekara. Muka lissafa tare: tun da ciwon kan fara zagayawa daga Nuwamba, a yi na farko a tsakiyar Oktoba, na biyu a Fabrairu, na uku a Yuni.

Asabar, 30 ga Satumba

Na je wajen mai gari, ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a. Amma shelar masallaci maza take kaiwa, kaji kuwa na mata ne. Don haka ƙanwata ce ta bi gida gida da littafi, ni ina tsaye a zaure. Gida 46, kaji 412 har da 'yan tsaki. Gida 38 suka yarda. Mun sa naira 50 a kan kowace kaza, domin a samu kuɗin sayen na gaba da na man babur. Wadda ba ta da kuɗi a hannu ta ba da ƙwai.

Gwaggona da ke unguwar bakin fadama ta tare ni da tambayar da na san tana zuciyar mutane da yawa. Ta ce, "Ɗana, mi za a ba kaza lahiya lau magani? Ba ka bari sai ta kwanta?" Na ce, "Gwaggo, kamar rigakafin ƙyanda ne da ake yi wa yara. In ƙyandar ta riga ta fito, allurar ba ta da sauran aiki." Ta ce to ta ji, a rubuta nata.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na karɓo kwalba huɗu a Birnin Kebbi ta hannun malamin dabbobi, kowace an rubuta mata kaza 100. Na duba ranar ƙarewar aiki a jikin kowace ɗaya kafin in karɓa. Maganin busasshe ne, kamar ɗan dunƙulen gari a gindin kwalba. Na taho da su a kula da ƙanƙara, na naɗe su da tsumma don kada su zauna a kan ƙanƙarar kai tsaye. A gida na naɗe su da jiƙaƙƙen ƙyalle na auduga, na sa a kwandon kaba mai shan iska, na ajiye a gindin randa. Jure zafi ba yana nufin a yar da shi a rana ba ne. Kwana kaɗan a inuwa mai sanyi yake ɗauka, in za a daɗe sai firij, kuma ba ɓangaren ƙanƙara ba.

Yammacin yau duka a kan 'yar robar ɗigawa na ƙarar da shi, kuma a ganina nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa ba su sani ba. Kwalba ta ce kaza 100, amma ba ta san girman ɗigon robarka ba. Kai ne za ka auna ruwan da zai ba da ɗigo 100 daidai.

Ga yadda na yi. Na cire bakin robar, na zuba ruwa mililita 1 da sirinji, na mayar da bakin, na kifa ta a tsaye sak, ina matsawa a hankali ina ƙirga ɗigo har ya ƙare. Sau uku na yi, na samu 24, 25 da 26. Tsakiyarsu 25 ke nan a kowane mililita. Ɗigo 100 a raba da 25 ya ba da 4, wato mililita 4 na ruwa zan sa wa kwalba ɗaya.

Sai na gwada roba ta biyu, wadda ƙanwata za ta riƙe. A ido kamarsu ɗaya, amma bakinta ya fi tsukewa, ta ba da ɗigo 40 a mililita ɗaya. Ita mililita 2 da rabi take buƙata. Da na zuba mata 4 kamar tawa, da ta fitar da ɗigo 160, muna murna magani ya yi auki, alhali kowace kaza ba ta samu ko kashi biyu cikin uku na rabonta ba. Ranar da ciwo ya zo ya kwashe su, sai a ce rigakafin ƙarya ne. Na ɗaura wa robar ta biyu jan zare, na rubuta awonta a bangon littafin nan.

Ruwan ma ba kowanne ba. Ƙwayar da ke cikin maganin mai rai ce, an dai zaɓi irin da ba ya sa ciwo, kuma sinadarin da ake zuba wa ruwan famfo yana kashe ta. Na tafasa ruwan rijiya, na juye a kofin roba mai murfi, zai kwana ya huce. Ba a barinsa a kwanon ƙarfe. Robar ɗigawar kuma da ruwan zalla ake ɗauraye ta, ban da sabulu, ban da omo.

Litinin, 16 ga Oktoba

Mun gama zagayen farko, asuba uku a jere, kowace unguwa da ranarta. Tun daren jajibiri ake gaya wa mata kada a buɗe akurki. Kazar gida in ta fita, ko yara goma ba sa kama ta, kuma wadda aka yi ta kora ta gaji tana haki ba ta dace da ɗigo a lokacin ba. Masu kwana a kan katanga da bishiyar darbejiya sai bayan isha'i muka sa yara suka sauko da su da tocila, aka kife su da kwando.

Mai kaza ce ke riƙewa. Ta haɗa ƙafafu da fukafukai a hannu ɗaya, ta juya kan gefe da ɗayan, ido yana kallon sama. Ni kuma in riƙe roba a tsaye, ba a karkace ba, domin karkacewa na canza girman ɗigo. Bakin robar ba ya taɓa idon. In ɗigon ya sauka, sai a jira kaza ta ƙifta ya shige, sau da yawa za ka ga ta yi haɗiya, domin akwai 'yar hanya daga ido zuwa hanci da maƙogwaro. In ta fizge kai ɗigon ya faɗi a gashi, a sake. Aikin duka a inuwa, robar tana cikin jiƙaƙƙen ƙyalle tsakanin gida da gida.

Kaji 327 muka yi wa. Guda shida na ƙi taɓawa saboda na gan su a takure, na ce a ware su. Ba na ɗiga wa marar lafiya. Ba zai warkar da ita ba, kuma in ta mutu gobe, ɗigon za a ɗora wa laifi.

Ranar farko an samu ragowa a kwalba ta biyu. Abin da aka koya mini shi ne, I-2 da aka riga aka jiƙa, in ya kwana a sanyi ana iya aiki da shi washegari amma ɗigo biyu maimakon ɗaya, rana ta uku kuwa a zubar. Haka muka yi. Sai dai hankalina bai kwanta da shi ba, domin daren bai yi sanyi sosai ba. Daga yanzu zan tsara gidaje yadda kowace kwalba za ta ƙare a safiyar da aka buɗe ta. In takardar da ta zo da kwalbar ta faɗi wani lokaci daban, ita za a bi.

Kowa tambayarsa ɗaya: ana iya yanka kazar a ci? Ana iya yi ko a ranar, ƙwan ma haka. Mai ɗigawa ne dai zai wanke hannu, kada ya murza idonsa, don yana iya sa ido ja na kwana biyu.

Talata, 31 ga Oktoba

Sati biyu sun cika, babu wadda ta kwanta saboda ɗigo. Gida uku daga cikin waɗanda suka ƙi sun aiko suna so. Na ce su yi haƙuri, ba zan buɗe kwalba don kaza ashirin ba.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Yau na ga ramin da ke cikin jadawalinmu, kuma a tsakar gidan gwaggo na gan shi.

Ranar da muka yi mata ɗigo kajinta 14 ne: zakara ɗaya, uwaye biyar, matasa takwas. Ɗaya daga uwayen tana kwanci, mun ɗiga mata a kan ƙwanta. Kwana tara bayan haka ta ƙyanƙyashe tara. Wannan satin wata ma ta fito da bakwai. Yanzu gidan akwai 'yan tsaki 16 da ba su taɓa ganin ɗigo ba, sun fi waɗanda aka yi wa yawa. Kuma ba gidanta kaɗai ba. Kaka ce, an kawo gero da dawa, ana sussukar shinkafa, tsaba ko'ina, kaji sun ƙoshi suna ta saka ƙwai. Kwana 21 kacal ƙwai ke yi ya zama tsako. Wato lokacin da kaji suka fi hayayyafa shi ne daidai bayan zagayenmu na Oktoba, kuma waɗannan sabbin su ne za su shiga tsakiyar hunturu tsirara har Fabrairu.

Na kira malamin dabbobi na tambaye shi ko kariyar uwa ba ta bin tsako. Ya ce tana bi, ta cikin gwaiduwar ƙwai, amma da sharaɗi biyu. Na farko, sai uwar ta riga ta samu kariyar kafin ta saka ƙwan. 'Yan tsaki taran gwaggo an saka ƙwansu tun kafin mu zo, don haka ɗigonmu bai kai gare su ba. Na biyu, kariyar gado ba ta daɗewa, zuwa sati uku ko huɗu ta yi ƙasa sosai. Bakwai na wannan satin suna da ita yanzu, amma kafin Kirsimeti ta tafi.

Dole a yi ƙaramin zagaye a farkon Disamba, na 'yan tsaki da sababbin shigowa kawai. Da na san haka tun farko, da na sa shi cikin lissafin kuɗi.

Lahadi, 10 ga Disamba

Na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai. Kuɗin da ya rage a asusu bayan man babur kwalba ɗaya ya isa saya, na ƙi cikawa daga aljihuna, na ce ai 'yan tsaki ba za su wuce ɗari ba. Ban sake ƙirgawa ba. Jiya da asuba muka fara daga unguwar masallaci, muka shiga unguwar maƙera, kwalba ta ƙare a kan tsako na 93. Gidaje ukun nan da suka aiko daga baya sun ci wani kaso. Unguwar bakin fadama ko gida ɗaya ba mu shiga ba.

Na je na gaya wa gwaggo da bakina. Ta ce, "Ba komi, ɗana, Allah shi tsare." Na yi alkawarin komawa Birnin Kebbi cikin sati. Jarrabawar ƙarshen zango ta riƙe ni a makaranta, da na samu sarari kuma aka ce maganin ya yanke sai bayan hutu.

Ɗiga wa tsako ya fi na babba sauƙi, ana riƙe shi a tafin hannu ɗaya. Ɗigon dai ɗaya ne, ba a rage masa don ƙanƙanta. Uwar ce abin tsoro, sai an fara kife ta da kwando.

Laraba, 10 ga Janairu 2024

Ya shigo. Ta unguwar bakin fadama, kuma ta gidan gwaggo.

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗanta ya sayo zakara a kasuwa, ya ce ya same shi da araha. Wannan arahar ita ce alamar farko da ya kamata kowa ya gane. In ciwo ya faɗa wa ƙauye, abin da mutane ke yi shi ne su kwashi kajin da suka rage su kai kasuwa kafin su mutu a hannunsu, farashi ya karye. Kaza tana iya ɗauke da ƙwayar kwana biyar ko shida, wani lokaci har sati biyu, ba ta nuna komai ba. Zakaran ya shigo yana cara, aka sake shi cikin kaji, suna sha a kasko ɗaya. Litinin ya takure. Jiya ya mutu.

Na tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida na duba, ban shiga wajen akurki ba. 'Yan tsaki biyar sun saki fukafukai har ƙasa kamar an yafa musu riga, gashi a tashe, ido a lumshe. Kashinsu ruwa ne, kore da fari. Biyu suna buɗe baki suna jan numfashi. Na kira malamin dabbobi nan take, kuma ina roƙon duk mai irin wannan aiki ya riƙa yin haka, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, tana zuwa da irin wannan kama, ita kuma tana iya kama mutum. Ido kaɗai ba ya raba su, sai gwaji.

Ya zo da yamma da safar hannu, ya buɗe ɗaya da ta mutu. Ya nuna mini ɗan tumbin da ke kafin ƙundu, cikinsa duk ɗige-ɗigen jini, da wasu gyambuna a hanji. Ya ce da wannan da kuma yadda manyan da aka yi wa ɗigo suke kiwonsu lafiya, fakat ya fi zato, ya ɗebi abin gwaji ya tafi da shi.

Mata huɗu na unguwar sun same ni suna roƙon in nemo magani in ɗiga wa nasu yanzu. Na ƙi, kuma ƙin ya yi mini nauyi. Na ce, "Inna, wanda ya riga ya ɗauka ɗigo ba ya fidda shi. Kariyar sai ta yi sati ko fiye kafin ta kama. In na bi gida gida yau, da hannuna da takalmina zan raba muku ciwon." Abin da muka yi shi ne shela: a kulle kaji a gida, a ware marasa lafiya, wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a juji karnuka su ja ta. Gashi da kayan cikin wadda aka yanka su ma a binne. Kada a kai kaza kasuwa, kada a karɓi kyautar kaza daga ko'ina.

Lahadi, 28 ga Janairu

Kwana takwas ba a sake mutuwa ba. Na zauna da littafi.

Gidan gwaggo: cikin 14 na Oktoba ta sayar da uku a Disamba, lokacin da fatake ke sayen kaji su yi kudu da su. Saura 11. Guda ɗaya ta mutu a cikinsu, biyu suka yi kwana uku a takure suka miƙe. Cikin 'yan tsaki 16 shirwa ta riga ta ɗauke uku, ciwon ya tarar da 13, ya kashe 11. Biyun da suka tsira ɗaya wuyanta ya murɗe, tana tafiya tana zagaya kanta. Gida ɗaya, kasko ɗaya, akurki ɗaya. Bambancin kawai wa ya samu ɗigo.

Haka abin ya kasance a sauran unguwar, manya sun tsaya, ƙanana sun tafi. Gidaje biyu da suka ƙi rigakafi tun farko kusan babu abin da ya rage musu. Ciwon ya leƙa unguwar maƙera ta gida uku masu maƙwabtaka da bakin fadama, amma can 'yan tsakin sun samu ɗigon Disamba wata guda kafin haka, mutuwar ba ta wuce ɗaiɗaiku ba. Unguwar masallaci ba a ji komai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin kwalbar da na ƙi cikawa bai kai kuɗin zakara ɗaya ba. Gwaggo ba ta ce mini komai ba. Da na je gaishe ta sai ta ce, "Manyan nan da kunka ɗiga ma, ga su nan. Yaushe za ku dawo?"

Akwai darasi na biyu da malamin dabbobi ya ja kunnena a kai. Kazar da aka yi wa rigakafi ba kasafai take mutuwa ba, amma tana iya ɗaukar ƙwayar ta zubar da ita a kashi na ɗan lokaci. Don haka ganin manyan gwaggo lafiya ba ya nufin a kai su wani gida yanzu. Agwagi ma suna iya ɗauka ba su nuna ba, kuma bakin fadama cike yake da su. Zabi da tantabaru su ma ciwon yana kama su.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Zagaye na biyu a unguwar masallaci da ta maƙera, wata huɗu cif. Wannan karon ƙanwata ta sake ƙirgawa kwana uku kafin in tafi saye, na kuma ƙara kwalba ɗaya a kai. Babu gidan da ya ƙi. Mun sake auna robobin, tawa ta koma ɗigo 23 saboda bakinta ya ɗan buɗe, na gyara awon ruwa.

Bakin fadama na bar ta sai nan da sati biyu, in ƙara tabbata ciwon ya fita.

Asabar, 2 ga Maris

An yi wa bakin fadama. Sati shida ke nan rabon da a binne kaza a can. Na canza takalmi na wanke hannu tsakanin gida da gida, gidajen da aka fi mutuwa kuma na bar su ƙarshe. Zafi ya fara, kafin ƙarfe takwas ƙyallen ya bushe sau biyu. Na gode Allah da jadawalin bai faɗa Afrilu ba, lokacin da zafin Kebbi ke wuce digiri 40. Azumi ma saura kwanaki.

Mun kafa doka da yardar mai gari: duk kazar da ta shigo daga kasuwa, ko ta biki, ko ta suna, za ta yi sati biyu a kife ita kaɗai, da kaskonta daban, nesa da akurki, kafin a sake ta.

Lahadi, 23 ga Yuni

Zagaye na uku, sati guda bayan babbar Sallah. Shi ne ya fi wahalar tara mutane. Damina ta sauka, kowa ya yi gona tun asuba, kuma babu mai ganin fakat a wannan lokaci. Wata ta ce a bar kuɗin sai hunturu ya gabato. Na ce mata ɗigon Fabrairu ƙarfinsa ya kai ƙarshe yanzu, kuma ciwon ba ya mutuwa da damina, raguwa yake yi. Sannan matasan da za su zama uwaye da kaka su ne waɗannan da ke yawo a gabanmu. Gida biyar sun tsallake duk da haka. Na rubuta su don in fara da su a Oktoba.

An kawo mini 'yan tsaki masu ƙuraje baƙaƙe a zanko da gefen ido, ana cewa ɗigon bai yi aiki ba. Wannan wani ciwo ne daban, ƙurajen kaji, sauro na yaɗa shi, kuma rigakafinsa daban ne. Tun ranar farko ya kamata in bayyana cewa ɗigonmu ciwo ɗaya yake tarewa. Yanzu ina faɗa a kowane gida kafin in buɗe roba.

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Shekara ta zagayo. Jadawalin da na rubuta a allon zauren mai gari yanzu ba uku ba ne kamar yadda muka fara. Manyan zagaye uku suna nan, tsakiyar Oktoba, tsakiyar Fabrairu, tsakiyar Yuni, kowace kaza babba da ƙarama. Na ƙara ƙanana biyu a cikin hunturu, na 'yan tsaki da sababbin shigowa kawai: ɗaya a satin ƙarshe na Nuwamba, ɗaya a satin farko na Janairu. Na matso da na Disamba baya ne domin 'yan tsakin kaka su samu cikakken sati biyu kafin kasuwar ƙarshen shekara ta kankama. Na Janairu kuma sharaɗinsa a ce babu ciwo a unguwar, in akwai a dakata. Da wannan tsari babu tsakon da zai wuce sati shida a hunturu bai samu ɗigo ba.

Kwalba 100 ta yi wa ƙananan zagayen yawa wani lokaci, ta yi kaɗan wani lokaci, don haka na yi magana da wani malami a ƙauyen da ke gabas da mu, za mu riƙa haɗa rana mu raba. Kuɗin kaza ya koma naira 100 saboda tsadar mai, 'yan tsaki naira 50, kuma ana ware kuɗin zagayen Nuwamba tun daga na Oktoba, a hannun ƙanwata ba a hannuna ba.

Ƙirgan jiya ya ba da kaji 538 a gida 46. Kwalba shida zan karɓo ranar Alhamis. Zagayen zai fara Asabar 12 ga wata, kuma bana daga bakin fadama za mu fara.